Na samu u = −1, ke nan lissafin ba shi da amsa?

Hauwa'u: Assalamu alaikum. Don Allah masu lissafi ku taimaka min. Muna shirin WAEC, an ba mu wannan aikin gida:

```
log_2(x) + log_3(y) = 1
log_2(x³) + log_3(y²) = 1
```

Lambar da ke manne da log ita ce bes, wayata ba ta iya sauko da ita ƙasa. Na bi yadda aka koya mana, na sa u a madadin `log_2(x)`, na sa v a madadin `log_3(y)`. Da na gama sai u ta fito −1. Ga shi kuma an ce mana log ba ya karɓar lambar da ke ƙasa da sifili. To tambayar ce ba ta da amsa, ko an yi kuskure wajen rubuta ta a allo?

Bashir: Wa alaikumus salam. Ke kika wahalar da kanki da su u da v. In ana tara log da log, ai ninka abin da ke ciki ake yi. Layin farko ya zama `log_6(xy) = 1`, wato xy = 6. Sai ki yi wa na biyun haka, ki ci gaba.

Hauwa'u: Daga ina 6 ta fito?

Bashir: Bes ɗin mana, 2 sau 3.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Bashir, dokar da ka kawo gaskiya ce, amma tana da sharaɗi: dole bes ya zama ɗaya. `log_2(x) + log_2(y)` shi ne yake komawa `log_2(xy)`, kuma ka lura bes ɗin yana nan 2, ba ya zama 4. Inda ɗaya ke da 2 ɗaya ke da 3 babu hanyar haɗe su haka, babu kuma dokar da ta ce a ninka bes. Gwada da lambobi ka gani. `log_2(2)` 1 ne, `log_3(3)` ma 1 ne, jimla 2. A naka tsarin zai zama `log_6(6)`, wanda 1 ne. Ka ga ba su haɗu ba.

Hauwa'u, hanyarki ita ce daidai, kuma −1 ɗinki ma daidai ce. Bari mu bi a hankali. Fawar da ke cikin log tana saukowa gaba, saboda haka `log_2(x³)` daidai yake da `3·log_2(x)`, wato 3u, shi kuma `log_3(y²)` ya zama 2v. Lissafin ya koma irin wanda kika saba tun ƙaramar sakandare:

```
u + v = 1
3u + 2v = 1
```

Daga na farko v = 1 − u. Ki kai ta cikin na biyu: 3u + 2 − 2u = 1, sai u = −1, v kuma 2. Nan kika tsaya. Amma ba u aka tambaye ki ba, x aka tambaye ki. Ke kika ƙirƙiro u don ki sauƙaƙa aiki, dole ki koma ki maida ita. `log_2(x) = −1` yana nufin x shi ne 2 da fawa −1, wato 1/2. Haka `log_3(y) = 2` yana nufin y = 3², wato 9. Rabi kuwa ya fi sifili, babu abin da ya hana shi shiga cikin log.

Hauwa'u: Na gode Malam. Amma har yanzu maganar da aka faɗa mana a aji tana ɗaure min kai. Wace ce ba ta halatta ta yi ƙasa da sifili?

Malam Sani: Wadda ke cikin log ɗin, wato x. Abin da log ɗin ya fitar kuwa, wato u, yana iya zama komai. Dalili shi ne u fawa ce. Ki ɗauki 2 ki ɗora mata duk fawar da kika ga dama: fawa 3 ta ba ki 8, fawa 0 ta ba ki 1, fawa −1 ta ba ki rabi, fawa −3 ta ba ki 1/8. Fawar na ƙara yin ƙasa, sakamakon na ƙara ƙanƙancewa, amma ba zai taɓa kai sifili ba balle ya gangara ƙasa da shi. Shi ya sa ba za a tambaye ki `log_2(−4)` ba, don babu fawar da za ta mayar da 2 ta zama −4. Amma duk lambar da ke tsakanin 0 da 1, log ɗinta a bes 2 ƙasa da sifili yake. Saboda haka in kika ga u da alamar ragewa a bes irin wannan, abin da take gaya miki kawai shi ne x bai kai 1 ba.

Ki kuma saba da gwadawa a tambayar asali, kada ki tsaya a layin u da v. A layi na biyu x³ = 1/8, log ɗinsa −3; y² = 81, log ɗinsa a bes 3 shi ne 4; jimla 1. Ya yi.

Bashir: To Malam na yarda 6 ba ta yi ba. Na buga a kalkuleta ma, xy ɗinku 4.5 ne, `log_6(4.5)` kuma wajen 0.84 yake ba ni. Amma ai akwai canza bes. Me zai hana a mayar da su duka bes 10 sannan a haɗa?

Malam Sani: Za ka iya canzawa, amma haɗewar ba za ta zo maka da sauƙi ba, don ɗaya zai fito da `log 2` a ƙasansa ɗaya da `log 3`. Ka jawo wa kanka lambobi masu dogon wutsiya ba tare da wata riba ba. Tunda x kullum da bes 2 take tafe, y kuma da bes 3, kowacce ka ba ta harafinta ka bar ta. Inda canza bes ya zama dole shi ne in x ɗaya ta zo da bes iri biyu, misali `log_2(x)` a sama, `log_4(x)` a ƙasa. Nan sai ka tuna 4 = 2², don haka `log_4(x)` rabin u ne. In ka ba shi sabon harafi, ka tara haruffa uku a layi biyu, ba za ka fita ba.

Ɗanladi: Ni dai duk wannan dogon zance ban ga amfaninsa ba. Ai musanyawar da ake faɗa ita ce ka ɗauki amsoshin da aka jera, A zuwa D, ka riƙa sawa har ɗaya ta shiga. Haka na yi a JAMB.

Malama Binta: Ɗanladi, ita fa ba zaɓi aka ba ta ba, takardar rubutu ce, kuma a can kowane mataki da makinsa. Wanda ya rubuta x = 1/2 tsurarta bai nuna daga inda ta fito ba, ya bar maki da yawa a ƙasa. Musanyawar da ake nufi a nan sa harafi a madadin log ɗin gaba ɗaya ne.

Abdurrazak na Maraɗi: Salamu alaikum. Mu a nan ajin ƙarshe na sakandare da `ln`, wato log mai bes e, muka fi aiki, kuma manyan haruffa muke sawa, X = ln x, Y = ln y, amma hanyar ɗaya ce. Ga wanda ya raba kan 'yan ajinmu:

```
ln x + ln y = 3
(ln x)(ln y) = 2
```

Wasu sun ce layi na biyu `ln(x + y) = 2` ne, wai tunda tarawa na komawa ninkawa, ninkawa ma sai ta koma tarawa. Ni zuciyata ba ta kwanta da shi ba, amma na kasa ba su hujja.

Malama Binta: Hujjar tana kusa, ɗana. Ka ce su sa x = 1, y = 1. `ln 1` sifili ne, sifili sau sifili kuma sifili. Amma `ln(1 + 1)` shi ne `ln 2`, wajen 0.69. Magana ta ƙare. Log sau log ba shi da dokar da ke dunƙule shi, kuma wannan ne ainihin wurin da sa harafi ya fi amfani, don ba wata ƙofar. X + Y = 3, XY = 2. Sa Y = 3 − X, za ka samu X² − 3X + 2 = 0, wato X = 1 ko X = 2. In X = 1 to Y = 2, sai x = e, y = e². In X = 2 to Y = 1, sai x = e², y = e. Amsa biyu ce, kuma ka rubuta su bibbiyu, kowace x da y ɗinta. Na sha ganin yara sun jera "x = e ko e², y = e ko e²" sun tashi. Wannan rubutun ya ba da damar a haɗa x = e da y = e, alhali wannan jimlarsa 2 ce, ba 3 ba.

Ɗanladi: Wannan ma da gwaji zan samo shi, 1 da 2 ne kawai.

Malama Binta: Za ka samo ɗaya, ka ji daɗi ka tsaya. Ta biyun fa?

Bashir: Malam Sani, ga wani da na gani a tsofaffin takardun da muke bita, shi harafi ma ban san inda zan sa shi ba, don bes ɗin kansa ba a san shi ba:

```
log_x(y) + log_y(x) = 5/2
x + y = 12
```

Na sa u da v kamar na Hauwa'u, na samu u + v = 5/2, sai na maƙale, don layi na biyu babu log a cikinsa.

Malam Sani: Ka maƙale ne don ka ba abu ɗaya suna biyu. Waɗannan log ɗin ba baƙin juna ba ne, kowanne kifaffen ɗan'uwansa ne. In `log_x(y) = t`, ma'anarsa x da fawa t ya ba da y. Ka juya maganar: y da fawa 1/t zai dawo da kai x. Ke nan `log_y(x) = 1/t`. Misali `log_2(8) = 3`, `log_8(2) = 1/3`. Saboda haka harafi ɗaya ya ishe ka:

```
t + 1/t = 5/2
2t² − 5t + 2 = 0
```

Na ninka ko'ina da 2t ne. Hakan ya halatta don t ba za ta zama sifili ba: t = 0 na nufin y = 1, y kuma bes ce a log na biyu, bes ba ya zama 1. Wannan ya rabu zuwa (2t − 1)(t − 2) = 0, sai t = 2 ko t = 1/2.

Yanzu ka koma. t = 2 na nufin y = x². Nan ne layi na biyu zai yi aikinsa: x + x² = 12, wato (x + 4)(x − 3) = 0. Ka samu x = 3 ko x = −4. To a nan ne ake zubar da mai alamar ragewa, Hauwa'u ki duba bambancin da naki. Wannan −4 ɗin x ce da kanta, kuma tana zaune a matsayin bes a log na farko, tana cikin log na biyu. Ko ɗaya ba ta cancanta ba. Saura x = 3, y = 9. Ɗaya reshen, t = 1/2, yana nufin x = y², sai aikin ya maimaitu da haruffan a juye: y = 3, x = 9. Gwaji: `log_3(9) = 2`, `log_9(3) = 1/2`, jimla 5/2, kuma 3 da 9 sha biyu ne.

Hauwa'u: Ke nan a nawa na so in zubar da wadda ba a zubarwa, a na Bashir kuma akwai wadda dole a zubar. Yaya mutum zai riƙa ganewa a ɗakin jarrabawa?

Malam Sani: Kada ki yanke wa kowace lamba hukunci tana matakin u, v ko t. Ki bari sai kin dawo kan x da y. Sannan ki ɗauki kowace ki mayar da ita mazauninta a tambayar: in cikin log take, ta fi sifili? In bes ce, ta fi sifili, kuma ba 1 ba ce? Ni kafin in fara ma nakan rubuta waɗannan sharuɗɗan a gefen takarda.

Ga abin da zai nuna miki sharaɗin 1 ba ado ba ne. A tambayar Bashir ki canza 12 ta koma 2. Za ki samu x² + x − 2 = 0, wato x = 1 ko x = −2. Ta biyun ta faɗi. Ta farkon ma ta faɗi, don 1 ko wace fawa kika ɗora mata 1 take, `log_1` ba shi da ma'ana. Ɗaya reshen ma haka zai ƙare. Wannan ita ce tambayar da da gaske ba ta da amsa, ko da yake aljabarar ta tafi sumul har ƙarshe.

Maman Yusra: Sannunku da ƙoƙari. Ni ba ɗaliba ba ce, 'yata nake taya bita da daddare. An ba su `log_2(x + y) = 3` da `log_2(x − y) = 1`. Na ce ta raba na farkon ya zama u + v kamar yadda kuke yi, amsar ta ƙi fitowa daidai da ta bayan littafi.

Malama Binta: Maman Yusra, ba a raba log a kan tarawa. `log(x + y)` dunƙule yake, ba ya zama `log x + log y`. Nata ma bai buƙatar harafi. Ta cire log ɗin kai tsaye: x + y = 2³ = 8, x − y = 2¹ = 2. Sai x = 5, y = 3.

Maman Yusra: Haka kuwa yake a littafin. Allah ya saka da alheri.

Abdurrazak na Maraɗi: Malam Sani, akwai abin da ya tsaya min tun aikin farko. Kun sauko da fawa, kun ce `log_3(y²)` shi ne 2v. Malaminmu yana ja mana kunne a kan wannan, yana cewa `ln(x²)` daidai yake da `2·ln|x|`, da sandunan nan biyu. Ashe y = −9 ba za ta shiga ba, tunda (−9)² ma 81 ne?

Malam Sani: Tambaya mai kyau, kuma malaminku ya yi gaskiya. A aikin Hauwa'u −9 ba ta shiga, saboda layin farko yana ɗauke da `log_3(y)` tsurarsa, shi ya riga ya tilasta y ta fi sifili. Dole amsa ta gamsar da layukan biyu. Amma in da ko'ina y² ce ke cikin log, labari ya canza. Duba wannan:

```
log_2(x²) + log_2(y) = 5
log_2(x²) − log_2(y) = 3
```

Wanda ya yi saurin sa `u = log_2(x)` zai samu 2u + v = 5 da 2u − v = 3, sai u = 2, v = 1, ya ce x = 4, y = 2. Bai yi ƙarya ba, amma ya yar da rabin amsa tun a layin farko, lokacin da ya ɗora wa x sharaɗin da tambayar ba ta ɗora mata ba. In ka sa harafin a madadin `log_2(x²)` gaba ɗayansa, ka kira shi w, za ka samu w = 4, wato x² = 16, x = 4 ko −4. Gwada −4: murabba'inta 16, log ɗinsa 4, a tara da 1 a samu 5, a rage 1 a samu 3. Ta shiga sarai. Hatsarin wannan kuskuren shi ne gwaji ba ya kama shi. Gwaji yana tona amsar banza da ta shigo, amma ba ya nuna maka ta kirki da ta salwanta.

Malama Binta: Malam, a lissafi ba ni da ja. Amma ina tsoron abin da za mu jefa yara a ciki. Yawancin masu tsara irin wannan tambayar a matakin sakandare x mai fin sifili ce a ransu, sun rubuta x² ne don su ga ko yaro ya iya sauko da fawa. Yarinya kamar Hauwa'u, da yanzu ta fara rarrabe u da x, in muka ce mata wani lokacin ma x tana yin ƙasa da sifili, gobe za ta bar −4 a tambayar Bashir. Ni a ajina nakan ce su ɗauka x ta fi sifili, su rubuta hakan a sama, su ci gaba.

Malam Sani: Malama, na fahimci damuwarki, amma ban yarda a koya musu ɗaukar abin da ba a ba su ba. In mai tambaya yana son x ta fi sifili, ya faɗa, ko ya rubuta `2·log_2(x)`. Abin da aka rubuta shi za a amsa. Kuma dokar da na ba Hauwa'u ba ta canza ba: abin da ke cikin log shi ne zai fi sifili. A nan x² ce a ciki, ba x ba. Yaron da ya riƙe wannan zai zubar da −4 a wurin Bashir, ya riƙe ta a nan, da dalili ɗaya.

Malama Binta: Yaro mai ƙarfi zai yi haka. Ni ina da sama da rabin aji da har yanzu suke rubuta `log(x + y)` a rabe. Sai na ga sun tsaya da ƙafarsu nake kawo musu wannan, a zango na gaba.

Bashir: To mu da za mu shiga jarrabawa bana, wanne za mu rubuta?

Malam Sani: Ni dai ka rubuta duka biyun, (4, 2) da (−4, 2), ka nuna gwajin kowacce a layi ɗaya. Da wuya mai duba takarda ya ga gwaji ya fito daidai ya ce ka yi laifi.

Malama Binta: In zaɓi aka jera kuma 4 kaɗai ke ciki, ka ɗauke ta kada ka ɓata lokaci. A ta rubutu kuwa, in ka tabbata babu inda x take tsurarta a cikin log, bi maganar Malam. Sai dai ka duba da kyau, don sau da yawa tana nan a ɗaya layin.

Hauwa'u: Na sake aikina tun daga farko, x = 1/2, y = 9, na rubuta gwajin a ƙasa. Akwai na biyu a takardar, `log_2(x) + log_4(y) = 4` da `log_4(x) + log_2(y) = 5`. Na sa `u = log_2(x)`, `v = log_2(y)`, na samu u + v/2 = 4 da u/2 + v = 5. Na ninka kowanne da 2, u ta fito 2, v ta fito 4, wato x = 4, y = 16. Malam ku duba min.

Malam Sani: `log_2(4) = 2`, `log_4(16) = 2`, jimla 4. `log_4(4) = 1`, `log_2(16) = 4`, jimla 5. Daidai ne. Ki rubuta layin da ya nuna dalilin da `log_4(y)` ya zama v/2, kada ki tsallake shi, mai dubawa zai neme shi.